Hoton Da Ya Tsaya A Arba'in

Ranar Talata da hantsi Malam Ya'u ya yi sallama a ƙofar ofishina, ni kuwa na amsa ba tare da na ɗaga kai ba. Tun da aka manna sakamakon wucin gadi a allon kwalejinmu da ke nan Daura nake karɓar baƙi, kowa da labarin kakarsa da ta rasu ana gobe jarrabawa. Na gaji, kuma ba na ɓoye gajiyata.

Shi dai bai zo da kaka ba. Ya bar ƙofa a buɗe kamar yadda ya dace, ya tsaya riƙe da hular kwanon babur, ƙafar wandonsa duk jar ƙasar hanyar Baure. Malamin firamare ne, ya girme ni da aƙalla shekara goma sha biyar. Wannan ne karo na uku da ya zauna jarrabawar darasin ƙididdiga, kuma doka ba ta ba da na huɗu. A wurin aikinsa kuma an ba shi zuwa ƙarshen shekara ya kawo takardar shaida, ko ya bar aji. Maki arba'in ake nema, shi kuwa talatin da uku ya samu.

"Malama, ba roƙo na zo ba," in ji shi. "Tambaya ta huɗu nake so ki nuna mini inda na kauce."

Tambaya ta huɗu na haddace ta kamar karatun sallah, don na duba ta sau ɗari biyu da goma sha biyu. Mai sayar da gero ne a kasuwa. Wata rana mutum goma ke zuwa masa, wata rana talatin, kuma ranakun biyu damarsu ɗaya. Kowane mai saye matsakaicin abin da yake ɗauka tiya uku ne, bariyans ɗinsa biyu, wato ma'aunin yadda sayen ke warwatsuwa daga matsakaicin, kuma sayen wani bai shafi na wani ba. A nemo matsakaicin geron da zai fita a rana, sannan a nemo bariyans ɗinsa.

"Me ka samu?"

"Matsakaici sittin. Bariyans kuma ɗari tara da arba'in."

"Sittin daidai ne. Ɗayar arba'in ce. Mutum ashirin a matsakaici, kowa biyu, arba'in. Ɗari taran nan daga ina ka kwaso ta?"

Na ɗauko wayata na nuna masa hoton. Malam Badaru, shugaban sashenmu, shi ya tsara jarrabawar, shi ya rubuta amsoshin da hannunsa. Ranar da za mu fara dubawa aka yi masa rasuwa a Mai'adua, sai ya ɗauki hoton takardar a kan cinyarsa cikin mota ya turo mini. Ga rubutunsa nan tsaf, layin ƙarshe ya ƙare da arba'in. Da wannan hoton na duba takardun duka cikin kwana uku, kuma yawancin ɗalibai arba'in ɗin suka rubuta, suka kwashi makinsu goma sha biyu.

Malam Ya'u ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "To Malama, a ce kowa tiya uku cif yake saye, ba ragi ba ƙari, bariyans ɗin kowa ya zama sifili. Ashirin sau sifili, sifili ke nan. Wato kullum sittin za ta fita?"

"Malam Ya'u, ina da aiki."

"Ranar mutum goma ai talatin ce za ta fita. Ranar talatin kuma casa'in. Mahaifina gero ya sayar har ya rasu, kuma ba yawan sayen mutum ɗaya ke ba shi tsoro ba. Ko masu saye za su zo, shi ne tsoronsa."

Na ce masa amsar shugaban sashe ce, idan yana da ƙorafi ya rubuta. Ya ce a'a, shi wane ne. Ya yi godiya, ya sa hularsa ya fita.

Abin haushin shi ne, tun kafin ƙarar babur ɗinsa ta ɓace na san ya kama ni. Na jawo takarda na yi abin da ya kamata in yi mako biyu da suka wuce. Idan an san mutum nawa suka zo, matsakaicin geron uku ne sau yawansu: talatin ko casa'in. Matsakaicin waɗannan biyun sittin, an gama da wannan. Idan an san yawansu kuma, bariyans biyu ne sau yawansu: ashirin ko sittin, matsakaicinsu arba'in. Amma arba'in ɗin warwatsuwar cikin rana ce kawai, bayan an riga an san wace irin rana ce. Su kansu talatin da casa'in kowannensu ya yi nisan talatin daga sittin, talatin sau talatin kuwa ɗari tara. Sai an haɗa biyun. Ɗari tara da arba'in.

Na nemo takardarsa daga cikin ƙullin takardun jarrabawa. Ga komai nan a jere, da irin rubutun masu koya wa yara rubutu. Har arba'in ɗin tana ciki a matsayin rabin hanya. Ni kuwa ƙasa kawai na leƙa, na ga lambar ba ta yi kama da ta hoto ba, na ja mata jan biro daga wannan kusurwa zuwa waccan, na ba shi sifili. Su uku ne suka rubuta hakan a ajin. Sauran biyun sun tsallake da makin wasu tambayoyin.

Bayan azahar na sami Malam Badaru a ofishinsa yana fama da fanka da ta ƙi juyawa. Shi ya koyar da ni wannan darasin, shi kuma ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki bara, don haka sai da na rusuna na gaishe shi, na sake yi masa ta'aziyya, na tambayi mutanen gida, duk ina ji kamar in fashe.

"Ranku ya daɗe, tambaya ta huɗu, ina ganin akwai gyara."

"Wane gyara? Ɗari tara da arba'in ce."

Na tsaya ina kallonsa. Ya buɗe jakarsa ya zaro takardar, wadda ta yi mako biyu a ninke. Da ya warware ninkin ƙasa sai ga layi biyu da ban taɓa gani ba. Ga ɗari taran, ga jimillar, ga kuma rabon maki a gefe: shida ga wanda ya kawo arba'in, shida ga sauran. Ninkin ya faɗa daidai ƙarƙashin arba'in, shi kuwa ya ɗauki hoton a haka.

Na miƙa masa wayata. Ya duba hoton, ya duba takardar, ya cire tabarau.

"Ikilima, ke ba ki warware da kanki ba?"

Na so in ce ku ma ba ku duba abin da kuka turo ba. Na so in ce an ba ni takarda ɗari biyu da ɗoriya da wa'adin kwana uku. Ban ce ko ɗaya ba, don tambayarsa ita ce wadda nake yi wa kaina tun hantsi.

"Ban warware ba, Malam."

"To. Mutum nawa abin ya taɓa?"

"Ɗaya zai haye. Daga talatin da uku zuwa arba'in da biyar. A ƙara masa kawai, ranku ya daɗe, a bar sauran yadda suke."

Ya girgiza kai. Jibi Alhamis kwamitin jarrabawa zai zauna, kuma mai duba mana daga waje yakan zari takardu ya gwada su da amsar asali. Ba yadda za a yi tambaya ɗaya ta samu amsa biyu, kowace da maki goma sha biyu. In an taɓa na mutum ɗaya, dole a sake duba tambayar ga kowa, duk mai arba'in a cire masa shida.

"Je ki ƙirga waɗanda za su faɗo," in ji shi.

Na riga na ƙirga. Tara ne.

"Tara da ɗaya, 'yata. Su tara sun ga sunansu a allo, sun gaya wa iyayensu. Ke kuma ko shekara ba ki cika ba, ba a tabbatar da ke ba. Zan iya tsara takardun da za a miƙa wa mai dubawa, ba wanda zai ga tambaya ta huɗu. Ki yi tunani."

"Su tara suna da wata damar, Malam. Shi ba shi da ita. Kuma shi ne ya yi daidai."

"Ban ce bai yi daidai ba." Ya mayar da tabarau ya juya wajen fankarsa. "In kin rubuto wasiƙa zan sa hannu. Amma ke za ki tsaya gaban kwamiti, ke kuma za ki tsaya gaban yaran."

Na fito raina a ɓace, na rasa ma wa zan ji haushi. Shi da ninkinsa, ni da jan birona, ko wayar da ta ɗauki abin da aka nuna mata.

Washegari da safe na kira Malam Ya'u. Sai a kira na huɗu ya shiga, ina jin hayaniyar yara a bayansa. Ban ko gama gaisuwa ba ya tare ni.

"Malama, ki yi haƙuri da abin jiya. Na tuntuɓi su Barakatu, kowa arba'in ya samu. Ni ne dai kaina ya tsufa. Har na soke wancan a littafina, na rubuta na Malam."

Na san Barakatu. Tana zama a gaba a ɓangaren mata, da goyo a bayanta wani lokacin.

"Ka mayar da abin da ka soke," na ce. "Kai ne daidai. Ni ce na yi kuskure, ba kai ba. Ka ci, in Allah ya yarda, da zarar kwamiti ya zauna gobe."

Na ji ya yi hamdala a hankali, sau biyu.

"To su da suka rubuta arba'in fa?"

"Za a rage musu."

"Har wani ya faɗi?"

"Har wasu su faɗi."

"Kafin jarrabawa na nuna musu ɗari taran nan a ƙarƙashin darbejiya," in ji shi. "Suka yi ta dariya, suka ce lissafin kasuwa ne. Ban matsa ba, na ga su yara ne, sun fi ni sani." Ya ɗan tsaya. "Wa zai gaya musu, Malama?"

"Ni."

Na ajiye wayar. Na rubuta wasiƙar, layi biyar, sunana a ƙasa, ban ambaci ninkin takarda ba. Sannan na jawo ƙullin, na ware takardun nan tara na ɗora a sama. Ta farko ta Barakatu ce. A gefen tambaya ta huɗu ga makin da na ba ta, har da "madalla" da na rubuta da hannuna. A bangon takardar kuma arba'in da biyu. Na cire murfin biron, na soke, na rubuta talatin da shida.