Mai Tsaya wa Mudasiru

Alhaji Abdul-Ganiyu ya shekara goma sha a Doha yana yawo da takardun wasu. Aikinsa ke nan a kamfanin da yake: mandub, wato mai kai takardun ma'aikata ofisoshin gwamnati ya karɓo musu hatimi. Larabcin da ya koya a makarantar Zangon Kumasi ya yi masa rana, ko da yake irin Larabcin nan ne da idan ya tambayi hanyar banɗaki sai a zaci huɗuba zai fara. Saboda haka duk ɗan Zango da takarda ta shige wa duhu, wurinsa yake zuwa, shi kuma bai taɓa ɓoye cewa hakan na yi masa daɗi ba.

Ranar da Mudasiru, ɗan ƙanwarsa, ya zo masa da maganar gida, sai da Alhaji ya gyara zama. Yaron yana aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a unguwar Al-Sadd, matarsa Basiratu kuma nas ce a wani asibitin kusa da nan. Sun samu gida mai ɗaki ɗaya da falo a benen da iyalai kaɗai ake ba wa, tafiyar ƙafa daga wurin aikinsu. Sun kai cek na kowane wata na shekarar, da kuɗin ajiya, da kwafin katin zama. Mai benen, wani dattijo Abu Hamad, ya duba komai, sannan ya duba fuskar Mudasiru ya ga babu furfura ko ɗaya. Ya ce matashin da ya ba wa gida na ƙarshe ya yanka falon da katako gida huɗu ya zuba 'yan haya. Don haka sai an kawo babban mutum ya rubuta cewa ya tsaya masa.

"Kawu, layi kaɗan ya ce," in ji Mudasiru.

Alhaji ya rubuta shafi uku. Ya fara da yabon Allah, ya gangaro kan kakan Mudasiru da ya yi limanci a Kumasi, ya ambaci cewa yaron tun yana ƙarami ba ya cin nama a miya kafin manya. Abu Hamad ya karanta shafin farko a ƙaramin ofishinsa da ke ƙasan benen, ya cire tabarau, ya miƙo masa farar takarda guda.

"Ya Hajji, wannan ka ajiye na ranar jana'izarsa. Ni abu biyu nake so: haya da hali."

Abin da ya rage bayan an yi wa wasiƙar aski shi ne:

"Zuwa ga Abu Hamad, mai benen. Ni Abdul-Ganiyu Masahudu, mai katin zama da lambarsa ke ƙasa, na tsaya wa Mudasiru Gafaru, ɗan hayar gida mai lamba 14, na tsawon shekarar yarjejeniyarsa. Idan ya gaza biyan haya, ni zan biya. Idan shi ko baƙinsa suka ɓata wani abu ko suka dami maƙwabta, ni zan gyara. Ba zai ba wani hayar gidan ba. Ga lambar wayata, a kira ni a kowane lokaci."

Ya sa hannu, ya sa kwanan wata, aka maƙala kwafin katinsa. A mota ya ce wa Mudasiru wasiƙar ta fito tsirara, amma ba komai.

Daga ranar Alhaji ya ɗauki kalmar "hali" ya rataya a wuya. Yakan biyo ta Al-Sadd ba tare da dalili ba, ya hau bene na uku, ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara. Bai taɓa jin komai ba sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Yaran nan suna fita aiki, su dawo, su ci abinci, su kwanta. Cek ɗinsu bai taɓa dawowa ba. Matarsa Hajiya Sanatu ta ce masa gara ya samu yaron banza ya tsaya masa, ko ya samu abin yi.

Shekara ta kusa cika, saura 'yan makonni a sabunta yarjejeniya, Basiratu ta haifi mace. Nan Alhaji ya ga aikinsa ya zo. Ya san mutanensa. A Zango ba a gayyatar mutum suna, ji kawai yake yi ya sa riga. Falon Mudasiru kuwa idan mutum takwas suka zauna, na tara sai ya riƙe takalminsa a cinya. Idan aka cika benen Abu Hamad da jama'a ana gab da sabuntawa, mai jego da jaririya za su koma neman gida a garin da samun irin wannan ya ɗauke su wata da watanni.

"Mutum goma, Kawu," in ji Mudasiru. "Liman, ku, da 'yan wurin aikinmu. Ban gaya wa kowa ba. Don Allah kai ma kada ka gaya wa kowa."

"Ni za ka koya wa? Bar min jama'a."

Alhaji ya yi tunani ya ga shiru ba ya hana ɗan Zango zuwa, sai an yi masa magana ƙarara. Ya ɗauki waya ya aika saƙon murya a zauren 'yan Zango na Doha. Ya yi sallama, ya yi wa jaririya addu'a, sannan ya ja kunne: kada kowa ya zo Al-Sadd, bene mai ruwan ƙasa da ke bayan gidan burodin nan, hawa na uku, lamba 14, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya maimaita lambar don kada wani ya ce bai ji ba. Ya ƙara da cewa ko da an ji Hajiya Sanatu ce za ta dafa wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na gida, wannan ba dalili ba ne.

Hajiya tana kicin tana ji. Ta ajiye ludayi ta ce a ƙaro mata buhun shinkafa.

Ranar Juma'a masu gadi na unguwar West Bay suka fara isowa, wasu da kayan aiki a jiki. Sai direbobi, sai 'yan kasuwar Souq Waqif da ledojin dabino. Wasu 'yan Kano biyu suka zo, sun ce wani ne ya tura musu saƙon, kuma sun ga rashin kunya ne a yi wa mutum kwatance haka dalla-dalla ya ƙi zuwa. Kowa ya shigo sai ya kama hannun Alhaji ya ce, "Mun ji saƙo, Baba. Ba zama za mu yi ba." Sannan ya zauna.

Alhaji ya yi niyyar tsayawa a ƙofa ya mayar da su. Amma ba a korar wanda ya zo barka, kuma an riga an shimfiɗa masa darduma kusa da liman. Da aka raɗa wa yarinya suna Mubarika, aka ce babba ya yi addu'a, sai ya ji muryarsa ta buɗe yadda ba ta buɗe ba tun barinsa Kumasi. Maza a falo da baranda, mata a ɗaki da kicin, saura a kan matakala, amin tana sauka hawa-hawa har ƙasa. Takalma kuwa sun taru daga ƙofar lamba 14 har bakin lif.

Yana tsakiyar roƙa wa jaririya miji nagari wayarsa ta fara ruri a aljihu. Ya ƙyale ta. Ta sake. Ya ɗaga ido, sai ga Abu Hamad tsaye a bakin ƙofa cikin farar riga, waya a kunne, takarda guda a hannu, yana neman inda ƙarar take fitowa. Idonsu ya haɗu. Alhaji ya gajarta addu'ar, abin da ba a taɓa gani ba.

Ya fita ba takalmi, don nemansa ba zai yiwu ba. Mudasiru ya biyo shi, fuska duk gumi.

"Na kira mai tsaya wa yaron ne in ce ya zo ya ga abin da ake yi," in ji Abu Hamad. "Ashe ya riga ni. Matar lamba 15 ta kasa fito da keken jaririnta. Idan wuta ta tashi yanzu, ta ina za a bi?"

Mudasiru ya buɗe baki, Alhaji ya dafa shi.

"Yaron mutum goma ya ce. Sauran nawa ne."

"Ka gayyace su?"

"Hana su na yi."

Ya kunna masa saƙon, yana fassarawa. Da aka zo wurin maimaita lambar gida, gemun dattijon ya fara rawa. Da aka zo kan shinkafa, sai ya juya baya yana tari.

"Haihuwa ce?" ya tambaya bayan ya huce. "Mace? Allah ya raya." Ya buɗe takardar ya sa yatsa a layi na uku. "Ni zan gyara. Hannunka ne wannan?"

"Nawa ne."

"To, yalla, maza ka gyara."

Abu Hamad ya ciro makulli ya ba Alhaji. Bayan ofishinsa akwai majalisar da yake zama da abokansa, da kafet da matasai, tana cin mutane da yawa. Maza su sauka can, mata su sami falon, hanya ta buɗe. Sharaɗi ɗaya ne: takalman nan, wanda ya sa hannu shi zai kwashe.

Haka aka ga Alhaji Abdul-Ganiyu, cikin babbar rigar suna, yana cusa takalman jama'a a buhun shinkafar Hajiya yana jan shi zuwa lif. Matasa suka taso za su karɓa, Abu Hamad ya ce babu sunansu a takarda. Alhaji ya ƙwanƙwasa lamba 15 ya ba da haƙuri da Larabcin da ya sa matar ta tsaya tana kallonsa, aka bi ta da kwanon abinci. A ƙasa ya juye buhun wuri ɗaya, wanda ya sa har la'asar ana cinikin wane ne mai ƙafar hagu.

Abu Hamad ya zauna cikinsu. Ya sa aka kawo gahawa, shi kuma aka zuba masa wake da shinkafa. Ya ɗanɗana shito, hawaye ya zubo masa, ya ce a ƙara. Aka sauko da Mubarika ya karɓe ta ya yi mata addu'a gajera, 'yan Zango suka yi ta mamakin yadda addu'a take ƙarewa tun abinci bai huce ba.

Mako na gaba aka je sabunta yarjejeniya. Alhaji ya zo da sabuwar wasiƙa, layi biyar cif, ya gaji da gardama. Abu Hamad ya karɓi cek ɗin Mudasiru, ya mayar wa Alhaji wasiƙarsa.

"Yaron nan shekara guda ban ji motsinsa ba. Ba ya buƙatar kowa. Kai ne nake so a tsaya wa, tunda za ka ci gaba da shigo min bene."

Alhaji ya yi dariya, ya ga dattijon ya riga ya zaro farar takarda. Hajiya Sanatu, wadda ta rako su don ta karɓi tukwanenta, ta matso da kujera.

"Mudasiru, rubuta, ni zan sa hannu," ta ce. "Ni Sanatu na tsaya wa mijina. Idan akwai abin da za a hana jama'a, ni zan riƙe wayar."

Alhaji ya leƙa takardar ya ce ai ko bisimilla ba a sa ba, kuma ya kamata a ambaci mahaifinsa.

"Khalas, ya isa haka, ya Hajji," in ji Abu Hamad, ya miƙa wa Hajiya biro.