Ba Haka Nana Ta Faɗa Ba

Kwana uku bayan sadakar arba'in ɗin Nana, Dela na zaune a tsakar gidansu na unguwar Zango tana ware goro, sai 'yarta Munira ta shigo da moto, babur ɗinta, ta ce tana so ta karanta mata wani abu.

Munira na shekarar ƙarshe a jami'a. Tana rubuta doguwar takardar gama karatu, wadda suke kira memwar, a kan waƙoƙin matan Zango. Babi guda ta keɓe wa kakarta Nana, uwar Dela. Shekara arba'in da suka wuce wata Baturiya ta zo da rakoda ta ɗauki waƙar Nana, ta buga ta a littafi. Faransanci kaɗai aka buga, ko kalma ɗaya ta Hausa babu.

"Inna, saurara," in ji Munira, tana mayar mata da Hausa. "Mun sunkuyar da kai, mun karɓi rabonmu cikin tawali'u. Sau huɗu Kaka ta ce tawali'u. A kan wannan kalma na gina babin nan duka, shafi ashirin."

Dela ta ajiye goron da ke hannunta.

"Wa ya ce tawali'u?"

"Kaka mana."

"Uwata? Matar da ta kori likita da mafici ana gobe za ta rasu? Ke, kin taɓa ganin ƙeyar Nana?"

"Inna, a littafi yake."

"Da wane baki Nana ta yi Faransanci? Ko bonjur ba ta iya ba. Wannan maganar wani ce. Ina wurin aka yi waƙar nan, shekarata goma sha biyu, ni na riƙe wa Baturiyar lema."

Dela ta tuna ranar sarai. A lokacin an tashi mata masu goro daga bakin kasuwa, an ba maza wurin. Nana ta yi waƙar ne don wanda ya raba rumfunan, kuma ba yabonsa ta yi ba. Ta rera wa Munira abin da ta riƙe.

Washegari Munira ta dawo daga wurin malamarta, Madam Rasmata, fuska a ɗaure.

"Ta ce da gaskiyarki, kuma ta yi mini faɗa. Wai in zan yi magana a kan kalma, dole in ga kalmar a harshen da aka faɗe ta, in ba haka ba tafinta nake nazari, ba Kaka ba. Amma ta ce abin da kika tuna shi kaɗai ba zai rushe littafi ba. Sai an samu kaset ɗin. Kuma saura mako uku in miƙa, Inna. In na bar shi yadda yake, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Buɗe littafin nan ki duba mini sunan tafintan."

Munira ta duba shafin godiya. "An gode wa wani Labaran."

Dela ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci, ta jawo mayafi. "Ɗan mai raba rumfunan ke nan. Tayar da moton."

Sun tarar da Alhaji Labaran a ƙofar gidansa na unguwar Bilbalogho, kan kujerar ƙarfe, ido ɗaya ya yi fari. Suka durƙusa suka gaishe shi, ya yi musu ta'aziyya, ya ce Nana mace ce mai haƙuri.

"Baba Labaran, kai ma ka san ba haka ba ne," in ji Dela. "Ka rufe mata baki tana da rai, yanzu kuma za ka ƙara rufewa tana kabari?"

"Dela, har yau bakin nan naki bai mutu ba?"

"Gado na yi."

Tsohon ya murza carbi. Can ya ce, "Yarinya, ke da ke karatu, ki ji. Aikin tafinta a zamaninmu shi ne ya hana wuta tashi tsakanin manya. Magana ta fito da ƙaya, ka cire ƙayar ka miƙa. Baturiyar nan takan kunna kaset ta ce me take cewa, in gaya mata, ta rubuta. To, a gabana ana ce wa ubana kura mai rawani. In juya wa baƙuwa wannan ta kai ƙasarsu?"

"Sai ka ce ba za ka juya ba," in ji Dela. "Amma ka ɗauki maganarka ka sa a bakin uwata. Ga jikarta za ta tsaya gaban malamai ta rantse da ita."

"Tawali'un nan fa, Baba?" Munira ta tambaya a hankali.

"Nawa ne. Na ga yana da daɗi a Faransanci."

Ya tashi da ƙyar ya shiga ciki. Ya jima, sannan ya fito da kaset a cikin tsohon gwangwanin shayi. Baturiyar ta bar masa kwafi, bai taɓa kunnawa ba. Ya miƙa wa Munira, ba Dela ba.

Wani mai gyaran rediyo a gefen kasuwar Rood Woko, Boukari, shi ya haƙo rakoda daga ƙarƙashin tebur. Ya naɗe zaren da biro, ya kunna, ya jona wayar Munira don ta ɗauka. Aka ji shuuu, aka ji kukan akuya, sai ga muryar Nana, ƙuruciya sharaf:

"Kura mai rawani ta raba kasuwa,
ta ba 'yan'uwanta inuwa, ta ba mu rana.
Mun yi haƙuri, haƙurin mai dafa dutse,
goronmu ba ya tsufa, kai ne za ka tsufa."

Dela ta zauna a kan wata matacciyar talabijin, ta rufe fuska da mayafi. Boukari ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba.

Da ta share ido ta ce, "Wannan na haƙurin, ban tuna da shi ba. Cire shi."

"A'a, Inna."

"Ke, ni za ki ce wa a'a?"

"Baba Labaran ya cire abin da bai yi masa ba. In na cire wanda bai yi miki ba, mun zama ɗaya. Kaka ta ce haƙuri, ga shi mun ji. Tawali'u ne ba ta ce ba."

Dela ta harare ta, ta daɗe tana hararar. "Ji bakinta. Ita ma gado ta yi."

Shafi ashirin ɗin nan Munira ta zubar da su. Kwana goma sha takwas tana zaune a tsakar gida da abin ji a kunne, tana rubuta waƙar baiti baiti, inda ta kasa ji ta kira uwarta. Wuri biyu zaren ya cinye maganar. Dela ta ce ta san abin da ke wurin, Munira ta rubuta cewa a nan kaset bai fita ba, ga abin da 'yar mai waƙar ta tuna. Kowane baiti ta jera shi gida uku: Hausar Nana, fassararta ita Munira da sunanta a kai, sai fassarar littafin.

Ranar da za ta miƙa, ta kawo wa Dela takardun ta gani. Dela ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ta bi da yatsa har ta gane kura.

"Wanne ne a sama?"

"Na Kaka."

"Na Labaran fa?"

"Ga shi can ƙasa."

"Ya yi," in ji Dela. Ta ɗauki farin goro guda, babba, ta tura a jakar 'yarta. "Ki kai wa Madam ɗin. Ki ce daga Nana."