Jika Goman da Ta Ɓata wa Balki

A shekarar da fara ta biyo bayan fari, dabba ta yi arha a kasuwar Takieta har abin ya zama ban tausayi. Makiyaya suna sayarwa don ba su da abin ba su, manoma ba sa saye don su ma tukunyarsu ba ta cika. A nan ne Balki, matar marigayi Nomau mai awo, ta ga hanya. Ta tara ƙawayenta uku, Delu da Indo da Kulu, ta ce su sayi ramammun raguna yanzu, su turke, su sayar da layya.

Balki mace ce mai murya. In ta yi wa mutum sannu daga bakin rijiya, na cikin tasha ma sai ya amsa. Ita matan suka sa gaba, ita ta yi ta zarya zuwa Damagaram, wata ƙaramar kes ta ajiya da bashi da ke bayan babbar kasuwa, har aka amince za a ba ƙungiyarsu jika ɗari biyu na tsawon wata shida. Kowace mace jika hamsin ke nan. Ranar da aka kira su dangwala yatsa, jeran ɗin kes, wato shugaban wurin, ya yi musu dogon bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, bantilate kuwa yana kaɗawa a kansu da iska mai daɗi. Kulu ta yi barci sosai. Balki ta ce ita ba ta yi ba, idonta kawai ta hutar.

Ran karɓa ita kaɗai ta tafi, don kuɗin motar mutum huɗu ba wasa ba ne. Layi ya yi tsawo, ba ta isa taga ba sai da la'asar ta yi sanyi. Kesiyar da ke ba da kuɗi a tagar, wata budurwa mai suna Ramlatu, ta ƙirga takardu sababbi ƙal na jika goma-goma, yatsunta kamar walƙiya, ta turo su tare da resi, takardar shaidar karɓa, ta ce, "Inna, ki ƙirga kafin ki tafi." Balki ta tuna motar ƙarshe ta Takieta ba ta jiran kowa. Ta ce, "Ɗiyata, ke da kika yi karatun lakwal za ki ɓata lissafi?" Ta dangwala yatsa, ta naɗe kuɗin a ƙyalle, ta cusa cikin lalita. Resin kuwa a tasha ta ƙunshe soyayyar farar da ta saya wa jikokinta a ciki.

Motar ta cika har ta tumbatsa. Aka matsa ta kusa da wani ƙaton Babarbare mai fara'a, Malam Ari, dillalin dusa da harawa a kasuwar Takieta. Sun san juna sama-sama. Hanya duk ramuka, duk sanda mota ta faɗa ɗaya sai Ari ya faɗo kanta ya ce, "Gafara, Hajiya." Ta ce ba ta je Makka ba tukuna. Ya ce in wannan direba ya ci gaba da haka, lahira za su riga zuwa. Har goro ya ɓara mata.

Da magariba matan uku suna tsakar gidanta suna jira. Aka shimfiɗa tabarma, Balki ta kwance ƙyalle da alfahari, ta shiga rabo: ke ɗaya, ke ɗaya, ke ɗaya, ni ɗaya. Zagaye na biyar Delu ta samu, Indo ta samu, Kulu ta samu, hannun Balki ya koma ƙyalle ya tarar da wayam.

"Sake dai," in ji Indo.

Aka tattara aka sake. Delu ta lashi yatsa ta murza kowace takarda ko biyu sun manne. Kulu ta kakkaɓe ƙyallen, ta leƙa cikin lalita, ta sa Balki ta miƙe ta girgiza zane. Takardu sha tara ne. Jika ɗari da casa'in.

Sai Balki ta ga Indo tana kallon ƙunshin farar nan.

"Farar dala ashirin ce!" Balki ta daka tsawa. "Da kuɗina!" Sai ta dafe ƙirji. "Ari. Wallahi Ari ne. Gafara Hajiya, gafara Hajiya, ashe lalube yake."

Delu ta ce, "To Yaya, ɓarawon da zai samu ɗari biyu ya zare goma ya mayar miki da saura, har ya ƙulle ƙyallen?"

"Mai wayo ke nan. Don kar in gane da wuri."

Washegari ranar kasuwa ce. Ari yana tsaye cikin buhunan dusa yana ciniki da wani Bafulatani sai ga Balki da matanta uku a baya kamar 'yan rakiyar amarya. Ba ta yi sallama ba. Ta faɗa masa abin da ya yi da muryar da har 'yan awaki suka juyo. Ari ya tsaya baki buɗe, sa'an nan ya tambaye ta daga ina kuɗin suka fito. Da ta ce daga kes, sai ya fashe da dariya har ya zauna kan buhu.

"Baiwar Allah, ai ba su taɓa ba mutum cif ba! Ni ma bara na ci bashinsu. Suna cire nasu tun a taga."

"Ji ɓarawo yana koya mini lissafi."

Dariyar ta ɗan ragu a fuskarsa, don mutane sun fara taruwa, kuma dillali da sunansa yake cin abinci. Wani ya ce a je wurin jandarma. Ari ya ce a'a. "Mu koma Damagaram ni da ke. Ni zan biya mota. In kes ta ce ɗari biyu ta ba ki, zan ba ki jika goma, in ƙara miki buhun dusa. In ba haka ba, nan inda kika tsaya za ki dawo ki wanke ni, da wannan muryar taki, kar ki rage ko kaɗan." Balki ta ce ta yarda. Ta sa Delu ta zauna tsakaninsu a mota.

Ramlatu ta gane ta tun daga ƙofa. Ta nemi resi. Balki ta miƙa mata takarda mai ƙamshin yaji, mai ya ratsa ta har ana hango yatsa ta baya. Ramlatu ta riƙe ta da farce biyu, ta cije leɓe don kar ta yi dariya, ta jawo kwafin da ke wurinsu.

"Inna, ga yatsanki nan. Bashin jika ɗari biyu ne. An cire kuɗin dosiye, uku cikin ɗari, jika shida ke nan. An cire asirans, biyu cikin ɗari, jika huɗu. Shida da huɗu goma. Abin da ya zo hannunki jika ɗari da casa'in, shi ne a rubuce nan ƙasa, shi kika dangwala wa."

"Dosiyen nan na zinariya ne?"

"Kuɗin aikin takardu ne da binciken da aka je aka yi muku a gida. Sau ɗaya ake cirewa."

"Wanda ya zo binciken ai furata ya sha, kwarya guda." Ari ya yi tari a baya. Balki ba ta juya ba. "To shi asirans ɗin fa? In rago ya mutu ku za ku biya?"

"A'a, Inna. Ba na rago ba ne, naku ne. In Allah ya yi wa ɗayarku rasuwa kafin a gama biya, asirans zai biya kasonta. Ba za a bi 'ya'yanta ba, ba za a ɗora wa sauran ba."

Balki ta juya maganar a ranta. "Wato sai na mutu zan ci moriyar kuɗina."

"Allah ya ja kwana, Inna."

Delu, wadda ta fi su natsuwa, ta matso ta yi tambayar da ta fi damunta: nawa za su mayar, ɗari da casa'in ko ɗari biyu? Ramlatu ta ce ɗari biyu, kuma kuɗin ruwan ma a kan ɗari biyun ake lissafa shi, biyu cikin ɗari kowane wata, wata shida jika ashirin da huɗu. Delu ta yi ta lanƙwasa yatsu. Kowace mace za ta riƙe jika arba'in da bakwai da rabi, ta mayar da hamsin da shida. Ta ce, "Ashe ribar da muka ƙiyasta a kan tabarma sai mun rage mata tsawo." Balki ta ce da an faɗa musu tun farko ai da ba a kai ga haka ba. Ramlatu ta ce a hankali, "An faɗa, Inna. Mushe jeran ya maimaita sau biyu." Balki ta gyara ɗankwali ta ce iskar wurin nan ba ta da kyau ga mai shekaru.

Duk da haka ba ta bar taga ba sai da aka canza mata takardun kuɗin da ta zo da su zuwa ƙanana yadda za su rabu huɗu, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gaban layi, ta ba Delu ta sake ƙirgawa, mutane na tsaki a baya.

Sun iso Takieta kasuwa ta fara watsewa, Indo da Kulu suna nan suna jira. Balki ta so ta ce a bari sai mako mai zuwa, Ari ya ce waɗanda suka rage ma sun isa. Ta tsaya gaban buhunan dusa, ta ja numfashi.

"Jama'a! Malam Ari bai ɗaukar mini komai ba! Kes ce ta cire kuɗin dosiye da na mutuwata! Mutumin kirki ne, sai dai ya cika faɗa wa mutane a mota!"

Kasuwa ta ɗauki shewa. Ari ya ce ƙarshen nan ba ya cikin yarjejeniya, amma ya yafe. Kafin su rabu sai ya tambaye ta ragunan me za su ci, tunda ciyawa ba ta tashi ba tukuna. A nan sabuwar rigima ta ɓarke, don kuɗin da ya faɗa na buhun dusa ya sa Kulu salati. Suka yi ta ja har aka kira sallah, ya sauko da dala ɗari biyu a kowane buhu, da sharaɗin a wurinsa za su riƙa saye har layya.

Da jika arba'in da bakwai da rabin kowace ta sayi raguna biyu ramammu, ta bar sauran na dusa. Ɗaya daga cikin na Indo zawo ya kashe shi da kaka, sauran matan suka ɗan tallafa mata ranar biya. Bakwai ɗin suka yi ƙiba, kwana huɗu kafin sallah wani mai motar kamyo daga Damagaram ya kwashe su duka. Ribar ba ta kai yadda suka yi mafarki ba, amma ta sayi hatsin wata biyu a kowane gida, kuma Kulu ta yi wa kanta sabon zane.