Hoton Yaya Lawali

Ni dai ban taɓa sa hoton gawa a shafina ba, kuma da wannan nake tutiya. Shekara uku ina riƙe da ɗan shafin labarai na Hausa a intanet, daga wani ɗaki a Zongo da bai fi akurkin kaji ba, ni da Isaka, mai kula da injinan abin. Sauran masu shafuka in aka kashe mutum har tsere suke wa zai riga sa jini. Ni kuwa na ce Allah ya kiyashe ni.

Ranar Talatar nan da hantsi labari ya zo mini. An kashe wani ɗan kabu-kabu a Harobanda an tafi da babur ɗinsa, na uku ke nan cikin wata guda, kuma an ce wani makanike ne ke sayen baburan yana wargaza su. Ba a faɗi sunansa ba. Na rubuta kan labari: "Makanike ne ke sayen baburan ƴan kabu-kabun da ake kashewa a Harobanda." Hoto ɗaya gare ni, na mamacin kwance cikin kwata, sai na bar gurbin hoto wayam. Na wallafa, na kwafi adireshin shafin, na liƙa a gurup-gurup na WhatsApp guda bakwai da Facebook, ina sauri don kada a riga ni. Ko kallon abin da ya fito ban yi ba.

Shayi nake sha Isaka ya miƙo mini wayarsa.

"Halimatou, mi kika yi haka?"

Ɗan katin nan ne da ke fitowa in an tura adireshi, mai hoto da kan labari a ƙasa. Kan labarina ne, ba kuskure ko harafi ɗaya. Hoton kuwa na yayana ne, Lawali, tsaye gaban garejinsa na Harobanda, sufana a hannu, babura jere a bayansa, yana murmushin nan nasa mai wushirya.

Ni na sa hoton a saman kowane shafi tun bara, talla kyauta. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, da hannunsa mai baƙin mai ya kai ni har jami'a. Na ce bari in ɗan rama.

"Yaya aka yi ya shiga nan?" na ce. "Ban sa hoto ba!"

"Shi ne matsalar. In kin liƙa adireshi, wayarki ke zuwa ta karanta wasu layuka da ke ɓoye a kan shafin, waɗanda mai karatu bai gani. Guda na cewa ga kan labari, guda na cewa ga hoto. Mu ke cika su. Ni kuwa na tsara cewa in ba ki zaɓi hoto ba, shafin shi ɗauki hoton farko da ya tarar shi sa nan. Na faɗa miki tun farko."

Ya faɗa, gaskiya ne. Maganar ta shiga mini ta wannan kunne ta fita ta wancan.

"To canza shi!"

Bai yi minti biyu ba ya sa tambarin shafinmu a gurbin. Ya shiga wani wuri na Facebook ya sa suka sake karanta shafin, katin can ya gyaru. Na ce WhatsApp fa? Ya girgiza kai. Can katin tafiya yake tare da saƙon tun lokacin da aka tura, hotonsa na cikin wayar kowa. Na goge nawa bakwai ɗin, amma an riga an tura gaba, ba mai iya kirga ko sau nawa.

Na kira Yaya Lawali sau huɗu. In yana ƙarƙashin babur ko sarkin gari ne ke kira ba ya ɗagawa.

Isaka ya goya ni a babur ɗinsa muka nufi garejin. A kan gadar zuwa Harobanda muka fara ganinsu, ƴan kabu-kabu biyu-biyu, uku-uku, duk hanya ɗaya muka nufa, wasu da gora a ɗaure a baya. Na san mutanenmu sarai. Wa zai ƙona megansa na intanet ya buɗe labari alhali ga fuska ga laifi a wuri ɗaya? Da sun danna, da sun ga hoton can sama da "Garejin Lawali, gyara da wanki" a ƙarƙashinsa, talla ƙarara.

Kafin mu isa hayaƙi ya tashi. Sun cinna wa rumfar wuta, tayoyi na ci. Ana ihu da Hausa da Zabarmanci, "Ɓarawo! Zay! Zay!" Yayana na ƙasa, rigarsa a yage, ya rufe kai da hannuwa, gora na sauka a bayansa kamar ana sussukar gero. Wani ya doka masa ƙafa a baki, na ga jini ya yi tsartuwa a kan yashi.

Na kutsa, ɗankwalina ya tafi ban san ina ba. Wanda ke gaba-gaba wani dogo ne, idanunsa jawur, na ji ana ce masa Buba. Daga baya na ji ƙanen mamacin ne.

"Ba shi ba ne!" na ce. "Ni na rubuta labarin! Kuskure ne, talla ce!"

Ya tura mini wayarsa har tana taɓa hancina.

"Wannan ba shi ba ne? Ke makauniya ce?"

"Danna! Don Allah danna ka gani!"

Ya danna. Shafin ya tsaya yana juyi, reso, wato sabis ɗin waya, babu ƙarfi, fari fat. Ya jira kamar numfashi uku. Sai ya mare ni da bayan hannu, na faɗi kan wani injin da aka kwance, leɓena ya fashe. Isaka ya zo ɗaga ni, aka sauke masa gora a kafaɗa.

Daga ƙasa nake kallo. Mutum biyu suka ja hannun daman Yaya Lawali suka ɗora a kan ƙarfen da yake miƙe sanduna a kai. Buba ya ɗauki babbar gudumar garejin.

"Da wannan ka wargaza babur ɗin ɗan'uwana."

Sau uku ya sauke ta. Ƙarar farko na ji ta cikin haƙorana. A ta biyu Yaya ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba, a ta uku ya yi shiru. Wani ya zo da galan na mai yana kwance murfi, sai ga jiniyar ƴan sanda. Aka watse, aka bar takalma da gorori.

A asibiti likita ya ce babu abin da za a haɗa, ƙashin ya zama gari. Suka yanke daga wuyan hannu. Isaka ya yi sabon shafi na gyara, da sabon adireshi, da kati mai cewa Lawali ba shi da hannu a kisan. Mutum goma sha ɗaya suka tura shi gaba.

Kwana biyu bai san inda yake ba. Ranar Alhamis da la'asar ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe. Ya daɗe yana kallon dungun da aka naɗe da bandeji. Ina jiran ya yi kuka, bai yi ba. Ya juyo gare ni, maganarsa na fita da ƙyar ta tsakanin karyayyun haƙora.

"Auta, ke ma sun taɓa ki? Allah shi isa." Ya haɗiye yawu. "An ce hotona aka watsa cikin waya. Ke kin san aikin nan, kin san mutane. Ki nemo mini wanda ya yi min wannan. Ba komi zan mishi ba, wallahi. So nike in tambaye shi mi na yi mishi."

Isaka na bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Na so in ce to, zan nema.

"Yaya," na ce, "ni ce."