Babin Lissafi

Yaya ne ya fara kiransa Farfesa, tun ranar da ya karanta takardar bayanin wani injin jan ruwa a gaban mai gida bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sunan ya bi shi, shi ma bai taɓa korarsa ba. Duk aikin wutar da ya iya, daga riƙon filaya har haɗa allon mita, a hannun yayan nasa ya koya. Amma in aka zo batun takarda, Yaya ja baya yake yi ya ce, "A ba Farfesa."

Sai masana'antar da Yaya ke yi wa aiki ta ce duk mai gyaran wutar da ba shi da lasisi zuwa ƙarshen shekara, to ya nemi wani wurin. Yaya ya yi rajistar jarrabawa, Farfesa ya bi shi, da abokin aikinsu Dogo. Matsalar ita ce an canza manhaja, tsohuwar takardar jarrabawa guda ɗaya tak suka samu, ita ma hoto ce a waya, gefenta a yanke. Suka amsa ta har suka haddace.

Malamin ajin yamma da suke zuwa ya ba su shawara. "Ku raba littafin, kowa ya fitar wa 'yan uwansa tambayoyi. Ku dubi yadda tsohuwar takardar ke tambaya, ku bi salonta. Tambaya a gaban kati, amsa a baya da lambar shafi. In an kwana biyu ku yi musanya. Wanda ka faɗi, ka koma shafin."

Yaya ya ɗauki babin kariya da dokokin aiki, Dogo ya ɗauki kayan gwaji. Babin lissafi kuwa ko tattaunawa ba a yi ba.

"Wannan naman Farfesa ne," in ji Dogo.

Farfesa ya yi murmushi ya karɓa. Da ya san abin da ke ciki da bai yi saurin murmushin ba.

Ranar hutunsa ya zauna a shago, tsakanin naɗaɗɗun wayoyi da matattun fankoki, ya yanka kwalin ƙwan fitila ya yi katuna. Shafukan farko lafiya lau. Can ya iso inda ake lissafin raguwar ƙarfin wuta a doguwar waya, da zaɓen kaurin da ya dace. Littafin ya warware misali guda. Ya karanta, ya ga kamar ya gane. Ya canza tsawon wayar da nauyin injin don ya mai da shi tambaya, ya juya katin zai rubuta amsa, nan hannunsa ya tsaya. Ya buga kalkuleta, ta ce wutar da za ta ɓace a hanya ta ninka wadda ke cikin layin gaba ɗaya. Ya sake bugawa ta wata hanyar, wata amsar ta fito. Ga jadawali cike da lambobi, bai ma san layin da zai bi ba.

Tambayar da ba ka san amsarta ba, ba ta rubutuwa a irin wannan kati. Bayansa fari fat yake kallonka. Gidan malamin bai fi tafiyar ƙafa ba, amma da wane baki Farfesa zai ce lissafi ya gagare shi? Ya yayyage katunan ya cusa su ƙasan kwandon shara, ya ɗora guntayen waya a kai, sai ka ce wani zai zo bincike.

Ya koma abin da ya iya. Mene ne ma'aunin kaza? Kawo ma'anar kaza. Lissafa abubuwa uku da ke sa waya zafi. Ya rubuta su da kyakkyawan rubutunsa, tuli guda, ya ɗaure da roba.

Ranar musanya katunan Yaya suka zo da rubutu kamar tonon kaji, amma sai da suka sa Farfesa gumi, ya yi ta komawa shafi. Nasa kuwa Yaya ya cinye su tas. Mutumin da ke tsoron biro ya tashi tsaye yana dariya, yana ƙwala wa matarsa kira.

"Zo ki gani! Ashe lissafin ma ba dodo ba ne!"

Dogo ne ya sa baki. "Amma fa a tsohuwar takardar akwai wata mai dogon lissafi, mai maki da yawa."

"Sun riga sun kawo ta bara," Farfesa ya ce, yana gyara robar katunan. "Ba sa maimaitawa."

Bai san daga ina maganar ta fito ba. Abincin da matar Yaya ta kawo ma ture shi gefe ya yi. Kowace rana yana cewa gobe zai faɗa, goben tana zuwa ya ga Yaya cikin fara'a, ya fasa.

Ranar jarrabawa ya buɗe takarda, ga tambayar dogon lissafin nan a sashe na biyu, dole a amsa, kwatan makin duka a kanta: inji, tsawon waya, jadawali. Ya saci kallon Yaya a layin gaba. Yaya ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Da sakamako ya fito, Dogo ya faɗi. Yaya ya faɗi da maki kaɗan. Farfesa ya haye da ƙyar, haddarsa ta cece shi, ita da katunan Yaya. Da an ba shi zaɓi a lokacin, da ya zaɓi faɗuwa.

Da yamma ya tarar da Yaya a tsakar gida yana kwance wata tsohuwar fanka. Yaya ya miƙe ya rungume shi.

"Ka fid da mu kunya, ƙanena. Ni kam ka yi haƙuri, na ɓata maka wahala. Ka zauna ka yanka kati, ka yi mana komai, kan ne ya tsufa. Akwai wani zama kafin ƙarshen shekara, amma ba zan koma ba. Abin da ka koya min ma bai zauna ba, ina ga wani?"

"Yaya, ban koya muku ba."

"Kamar yaya?"

"Lissafin nan ban iya shi ba. Na gwada ya ƙi, na yaga katunan, na kawo muku masu sauƙi. Maganar ba sa maimaitawa ma ni na ƙirƙira." Ya dubi Yaya. "Kanka lafiyarsa lau. Ko sau ɗaya ba a nuna maka ba."

Yaya ya koma ya zauna. Ya ɗauki sukundireba ya juya ta a hannu, ya ajiye. Farfesa ya so a ce Yaya ya zage shi, ko ya mare shi kamar lokacin yana yaro, da ya fi masa sauƙi. Amma da Yaya ya yi magana, a hankali ya yi ta, idonsa a kan fankar.

"Ka tuna ranar ƙarshe a aji, da malam ya ce wa ke da tambaya a kan lissafi? Na fara ɗaga hannu. Sai na waiwayo na ga kai ba ka ɗaga ba, na ce kada in ba ka kunya a ce yayan Farfesa bai gane ba. Na sauke."