Taken Adashin Hanne

Kulu ba ta taɓa cewa a sa sunanta a waƙa ba. Ita dai ta shiga adashin matan ƙauyensu Balan ne a ɓoye, kamar yadda kowace mace mai hankali take yi. Duk wata tana zubi daga ribar ƙuli-ƙuli, har kwasa ta zagayo kanta, ta ba yayanta da ke Gafasa ya sayo mata injin taliya daga Kano. Mijinta Tukur kuwa aka gaya masa na aro ne.

Hanne, uwar adashin, ita ta ɓata komai. Mace ce mai son a ce ita ta yi. Da ta ga mata sun fara jan ƙafa wajen zubi, sai ta ƙirƙiro take: "Zuba wata-wata, sana'a ta tsaya da ƙafarta!" Da a nan ta tsaya, da babu mai jin haushi. Amma ta ga taken bai yi gishiri ba, ta ƙara masa: "Kulu ta zuba, Kulu ta kwasa, Kulu ta sayi inji!" Sannan ta danƙa wa zabiya ranar wani suna. Muryar zabiya kuwa dangar kara ba ta tare ta. Maza suna zaune a waje suna rabon goro, har da Tukur.

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona ran Kulu ke nan. Washegari ya auno dawa daga rumbu ya ajiye, ya sa hula zai fita.

"Malam, kuɗin cefane fa?"

"Ashe mai inji tana neman kuɗin daddawa? Ai sai ni in zo rance wurinki."

Tun daga ranar, gishiri, manja, kuka, sabulu, kananzir, duk suka koma kan taliya. Kulu ta murɗa inji har kafaɗarta ta riƙe, ta shanya a igiya, ta sayar, tukunyar miya ta cinye. Kuɗin fulawa ya soma raguwa. Daga buhu ta koma sayen kwano.

Ta je gidan Hanne bayan magariba, ko tabarma ba ta hau ba.

"Yaya Hanne, wa ya ba ki sunana?"

"Haba Kulu, ai yabo ne. Kin san mata nawa suka shigo saboda ke? Har daga Ajingi an aiko."

"Su sun shigo, ni kin fitar da ni tsirara. Kin taɓa jin macen da ta gaya wa miji abin da ke ƙasan tukunyarta?"

Hanne ta taɓe baki, ta ce waƙa in ta fita ba ta komowa, kuma kada Kulu ta manta wata ya kusa, kwasar Dada ce.

Nan gizo yake saƙar. Wadda ta riga ta kwasa ba ta da bakin cewa babu. Dada tsohuwa ce, ta yi ta zubi ba fashi lokacin da Kulu take jiran nata, yanzu ita ma tana jiran nata ta sari gyaɗa tun kaka ba ta wuce ba. In Kulu ta gaza, ta zama macuciya a bakin mutanen garin nan. Abu ɗaya ya rage mata da zai yi kuɗi, shi ne injin.

Ana haka Tukur ya dawo daga kasuwar Gaya da rediyo sabo fil, mai rigar fata. Kuɗin cefanen da ya daina bayarwa ne suka taru, bai ma ɓoye ba. Ya kafa shi a zaure, abokai suka kewaye. Kulu tana daga ciki tana jin ana ta dariya, ita kuwa ko fulawar gobe ba ta da ita. Ranar ko tuwon da ta tuƙa ba ta ci ba.

Ranar zubi, da Tukur ya tafi masallaci, ta shiga ɗakinsa ta naɗe rediyon a zane, ta ɗora a ka.

A gidan Hanne matan suna zaune kowace da ƙullin kuɗinta. Kulu ta kwance zanen a gaban Dada.

"Inna, ga zubina. A sayar, a cire naki, a ba ni canji in sayi fulawa."

Dada ta ja hannunta baya. "'Yar nan, wannan ai na mijinki ne."

"Taliyata ce ta saye shi."

Hanne ta miƙe tsaye. "Kulu, kada ki jawo mini dagaci cikin gida. Kin san abin da Tukur zai yi? Wallahi sai ya kore ki."

"Na sani," in ji Kulu. "Tun da rana na aika da injin can Gafasa, gidan yayana."