Birkin Gwaggo

Malam Birki suke ce masa, kuma shi ya ja wa kansa sunan. A ɗakin da yake haya a saman shagon magani, inda yake koyar da cinikin zinare ta waya kowace Asabar da safe, ba ya yin jimla biyu bai ambaci birki ba.

"Kafin ka saya," yakan ce, yana buga allo da alƙalami, "ka gaya wa manhaja inda za ta sayar maka idan farashi ya faɗi. Shi ne birki. Ya kama, ka yi ƙaramar asara, ka tafi gida da sauran kuɗinka. In ba ka sa ba, kamfanin da ya ara maka ƙarfin saye zai rufe cinikin da kansa ranar da ajiyarka ta kusa ƙarewa."

Yana kuma gaya musu cewa zafin asara ya ninka daɗin riba, shi ya sa mutum zai rungume cinikin da ya mutu, don kawai kada ya furta cewa ya faɗi. Ɗalibai su gyaɗa kai. Akwai makanike, da wasu ma'aikatan ofis, sai kuma a kujerar gaba Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar ungozoma. Ita ta karɓi haihuwarsa, amma a aji ba ta kiransa sai Malam. Kuɗin sallamarta na aiki ta zo da su, wai kada su zauna a banki suna narkewa. Shi ya buɗe mata asusu, shi ya koya mata sa birki har ta iya ba tare da ta ɗora tabarau ba.

Sai zinare ya fara hawa. Malam ya ce a jira, hawan ya yi sauri. Makanike bai jira ba. Kullum sai ya tura hoton ribarsa a zauren ɗalibai na waya, da ɗan rubutu a ƙasa: "Malam, muna gaisuwa daga sama." Wasa ne, kowa ya sani, amma wasan ya riƙa cin Malam a rai. Ba a taɓa masa ko sisi ba, duk da haka kowane hoto ji yake kamar daga aljihunsa aka zare. Ranar da matarsa ta ce, ba da wata manufa ba, ta ga makanike da sabuwar mota, ko abincin rana bai gama ba ya ɗauki waya ya sayi zinaren. Ya zuba fiye da abin da yake yarda ɗalibi ya zuba. Da Gwaggo ta tambaye shi ko ita ma ta shiga, sai ya ce ta shiga mana. Gaskiya ba lissafi ya yi ba, abokin tafiya yake so.

Kamar shi kasuwa take jira. Farashi ya juyo.

Da ya kusa taɓa birkinsa, Malam ya ɗan ja shi ƙasa, wai ya ba kasuwa wurin numfashi. Ya sake kusantowa, ya sake ja. Daga baya ya cire shi gaba ɗaya. Yana da wani ɗan ciniki na azurfa da ke kawo riba a hankali, ya rufe shi da wuri don ya ga koriyar lambar riba ko sau ɗaya, ya kwashe ya ƙara sayen zinaren da ke faɗuwa. Ya ce wa kansa ai yanzu ya fi araha. Duk waɗannan suna da suna a darasinsa, kuma ya san sunayen sarai.

Ana cikin haka Gwaggo ta kira shi da hantsi, yana tsaye a layin biyan kuɗin wuta.

"Ɗana, abin nan ya kusa kai wurin da muka sa. In bari ya kama?"

Amsar tana bakinsa, ya faɗe ta sau ba adadi a gaban allo. Amma idan nata ya kama, to an tabbatar shi ma ya yi kuskure ke nan.

"Ki cire shi, Gwaggo. Zai dawo."

"In cire?"

"Ki cire. Na ɗan lokaci ne."

Bai dawo ba. Ranar Alhamis zinare ya rufto, kamfani ya rufe cinikin Malam yana zaune a kujerar mai aski, mayafi a wuyansa, bai ma iya ɗaga hannu ba. Nasa kuɗin sun tafi, wannan ya haɗiye. Na Gwaggo ne suka tsaya masa a maƙogwaro. Matar da ta yi rayuwarta a tsaye a ɗakin haihuwa, kuma da bakinsa ya ce ta cire. Ta kira, ya kife wayar. Ta sake kira, ya ce wa matarsa ta ce yana wanka. Kunya ta hana shi ko bin layin gidanta, sai ya riƙa zagayawa ta bayan gidan mai.

Asabar ta zo. Ya so ya ce ba shi da lafiya, amma ɗalibai sun riga sun hau bene. Makanike ya shigo yana dariya, shi tuni ya sayar kafin ruftowar, sa'a ce kawai, ko da yake ba haka yake ba da labarin ba. Gwaggo ce ta ƙarshe, tana hawa tana dafa bango. Ta zauna a wurinta, ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Malam, ina neman afuwa."

Ya dafa tebur.

"Ka ce in cire birki, ni kuwa na kasa. Na laluba ko'ina, na ɗora tabarau, na cire tabarau. Sawa ka koya mana, ba ka taɓa koya mana cirewa ba. Ina cikin nema ya kama, ya sayar. Ɗan abin da ya tafi bai taka kara ya karya ba. Na yi ta kiranka in gaya maka, ba ka ɗauka ba, na ce to fushi ka yi." Ta miƙo masa wayar. "Nuna mini wurin, kada gobe in sake saɓa maka."

Ya karɓa. Ga kuɗinta nan a fuskar wayar, kusan duka. Daɗin da ya ji bai daɗe ba, domin babban yatsansa har ya fara tafiya da kansa, ya san hanyar maɓallin nan kamar hanyar banɗakin gidansu. Ya janye shi.

"Bar shi yadda yake, Gwaggo. Ba a cirewa."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ofis ya dubi ɗan uwansa. Sai makanike ya tafa hannu.

"Gwada ki ya yi, Gwaggo. Wallahi Malam ɗan duniya ne. Jarrabawa ce, kuma kin ci."

Aka fashe da dariya, har da masu tafi. Wani ya ce shi ma da an gwada shi haka da ya faɗi warwas. Malam ya tsaya a gaban allo. Ya bar su suka yaba masa, ya ma ji kansa yana ɗan murmushi, kuma wannan murmushin ya fi asarar ciwo.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayarta ta sa a jaka, tana kallon fuskarsa ta saman tabarau, fuskar da ta riga uwarsa gani. Ta bari har aka tashi, ɗalibai suka sauka suna hayaniya. Ya zo ya kama mata jaka don ya raka ta bene. A matakin farko ta tsaya, ta dafa hannunsa.

"Ɗana," ta ce a hankali, "kai naka ya kama?"